Rana Na Yin Awa 12 A Sama, Amma Awa Nawa Solarka Take Samu?

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin ga waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba, ko kuma suka fi son su karanta a nutse. Yau shirin akwai ɗan lissafi, saboda haka a jawo biro da takarda, ko a buɗe kalkuletar waya. Kada kowa ya tsorata, lissafin bai wuce ninkawa da rabawa ba.

Bari mu fara da wani mai shago a Kano, irin shagon nan da ake cajin waya ana kuma sayar da ruwa da lemo mai sanyi. Ya gaji da sayen fetur, ya tara kuɗi ya sayi farantan sola guda 4, kowane an rubuta masa wat 400. Jimilla wat 1,600 ke nan, wato kilowat 1.6. A ransa ya yi lissafi kamar haka: rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 na safe ta faɗi wajen 6 na yamma, awa 12 ke nan. Ya ninka 1.6 sau 12, ya samu 19.2. Ya ce shi ke nan, wuta har sai ya ba maƙwabta.

A watan Afrilu komai lafiya lau. Da Agusta ta zo, sai ga inbata tana kuka tun kafin asuba, ƙanƙara ta narke a firiza, shi kuma ya fara zargin an sayar masa da jabun batir. To batirin bai yi laifi ba. Lissafin ne ya karkace tun daga tushe, kuma wurin da ya karkace shi ne wannan 12 ɗin. Abin da za mu gyara yau ke nan.

Da farko mu daidaita ma'auni. Wat ƙarfin wuta ne a wannan lokacin da kake kallo. Abin da ka tara a tsawon lokaci kuwa da yunit ake auna shi, irin yunit ɗin da kake saya a mitar kati. Yunit 1 shi ne kilowat 1 ya yi aiki na awa 1, kuma shi ne za ka ga an rubuta kWh a jikin na'ura. Tambayar da ya kamata mai sayen sola ya yi ita ce, yunit nawa zan samu a rana? Wat nawa ne fanel ɗin, wannan rabin zance ne.

To ina aka samo wat 400 da ke jikin fanel? A masana'anta ake gwada shi ƙarƙashin wani yanayi da duniya ta amince da shi, wanda za ka ga an rubuta STC a takardar da ke manne a bayansa. A wannan gwajin ana haska wa fanel haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, shi kuma zafin jikinsa yana kan digiri 25. Ma'ana, fanel ɗin yana cewa ne: idan ka ba ni irin wannan hasken a irin wannan sanyin, zan ba ka wat 400. Irin wannan hasken kuwa sai wajen tsakar rana ake kusantarsa, in sama ta yi garau. Ranar hantsi ba ta kai ba, ta la'asar ma haka.

Ka ɗauki rana kamar famfon unguwa. Da sassafe ɗigo yake yi, da hantsi ya ɗan ƙaru, da azahar ya ɓalle da ƙarfinsa, da yamma ya koma ɗigo. Ka ajiye duro tun safe har magariba, ka tara abin da ka tara. Sai a tambaye ka: da a ce famfon nan da cikakken ƙarfinsa yake zuba tun farko, awa nawa zai ɗauka ya tara maka wannan ruwan? Amsar wannan tambayar ita ce abin da za mu kira awannin cikakkiyar rana. A manhajoji da takardun masu haɗa sola za ka ga an taƙaita shi da PSH.

Bari mu gwada da wata rana mai kyau, mu raba ta gida huɗu, a matsayin misali kawai. Daga 6 zuwa 9 na safe mu ce matsakaicin hasken wat 200 ne a murabba'in mita, sau awa 3, ya ba da 600. Daga 9 zuwa 12 mu ce 750, sau 3, 2,250. Daga 12 zuwa 3 mu ce 800, sau 3, 2,400. Daga 3 zuwa 6 mu ce 250, sau 3, 750. Ka haɗa su duka, 6,000. Ka raba da 1,000 ɗin nan na gwajin masana'anta, ka samu 6. Rana ta yi awa 12 a sama, amma a wurin fanel tamkar awa 6 ta yi. Ka ga tun a nan an yanke wa mai shagonmu rabin burinsa.

Akwai wani daɗi a wannan lissafin. Tunda da 1,000 ake rabawa, duk inda ka ga an rubuta hasken da wani gari ke samu da ma'aunin kWh/m² a rana, wannan lambar ita ce awanninka kai tsaye. Ka ga 5.8, awa 5.8 ke nan. Ba sai ka sake wani lissafi ba.

Yanzu ina za ka samo lambar garinku? Babu buƙatar ka sayi na'urar auna haske. Tauraron ɗan'adam ya daɗe yana tattara wannan bayanin, kuma kyauta ake ba da shi. Wurare biyu zan nuna muku.

Na farko shi ne Global Solar Atlas, wanda Bankin Duniya ya samar. Ka buɗe shi a waya, ka rubuta sunan garinku ko ka taɓa wurin a taswira, lambobi za su fito. Wadda kake nema ita ce GHI, wato jimillar hasken da ke sauka a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Idan ta fito maka a lissafin shekara, ka raba da 365. Misali ka ga 2,150, ka raba, ka samu kusan 5.9. A kusa da ita akwai GTI, wato hasken da fanel ke samu idan an ɗan karkata shi yadda ya dace, sannan OPTA tana gaya maka digiri nawa za ka karkata shi. Akwai kuma DNI, wannan ka bar ta. Tana auna hasken da ke zuwa kai tsaye ga na'urar da ke juyawa tana bin rana, ba ta fanel ɗin da aka ɗaure a kan kwano ba ce.

Na biyu shi ne NASA POWER, na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Amfaninsa shi ne yana ba ka lambar kowane wata daban. Ka sa wurin da kake, na Kano kusan 12.0 ne da 8.5, sai ka zaɓi abin da aka rubuta ALLSKY_SFC_SW_DWN. Ka lura da ma'aunin da ya fito da shi. Idan MJ/m² ka gani, ka raba da 3.6 kafin ka kira shi awanni. Mutum ya ga 21 ya ɗauka ya yi arziki, alhali 5.8 ce ta sa wata riga.

Me ya sa na dage a kan lambar wata-wata? Saboda matsakaicin shekara yana ɓoye matsala. A Kano da garuruwan da ke kan layi ɗaya da ita, matsakaicin shekara yana wajen 6 ko ƙasa kaɗan. Amma a Maris da Afrilu yana haura 6, a Agusta kuma da hadari ya rufe sama yana saukowa wajen 5. A Disamba da Janairu ma yana ja baya, saboda rana ta karkata kudu ga kuma hazo. Idan ka yi arewa zuwa Agadas lambar tana ƙaruwa, idan ka gangara Fatakwal ba ta kai 5 ba a shekara, da damina ma tana faɗowa ƙasa da 4. Don haka lissafin da aka yi wa ɗan'uwanka a Legas ba naka ba ne, naka ma ba nasa ba ne. Kuma in kana son wuta duk shekara, da watan da ya fi rauni za ka yi lissafi. Wanda ya auna rijiya da damina zai sha mamaki da bazara.

A kula da wani tarko. Masu hasashen yanayi suna da nasu awannin hasken rana, wato tsawon lokacin da rana ta fito fili ba gajimare. Wannan kan kai awa 8 ko 9 a arewa. Lamba ce ta gaskiya, amma tana ƙirga ranar ƙarfe 8 na safe daidai da ta azahar. Idan ka sa ta a lissafin sola, za ka yaudari kanka.

To mun samu awanni. Mu koma shago. Kilowat 1.6 sau awa 5 na Agusta ya ba da yunit 8. Shin yunit 8 zai samu? A'a, da sauran rina a kaba. Tsakanin hasken da ya sauka a fanel da wutar da ta isa batir akwai masu karɓar haraji a hanya.

Babbansu shi ne zafi. Mutane da yawa suna ɗauka zafin rana ne ke ba da wuta. Haske ne ke ba da ita, zafi rage ta yake yi. Yawancin farantan yanzu suna rasa kusan kashi 0.35 cikin 100 na ƙarfinsu a kan kowane digiri 1 da suka haura 25. Fanel da ke kan kwano da tsakar rana yana iya kaiwa digiri 60. Ya haura da 35 ke nan. Ka ninka 35 da 0.35, ka ga kusan kashi 12 sun tafi, saura 0.88. Shi ya sa ake barin tazara tsakanin fanel da kwano don iska ta riƙa wucewa ta ƙasa.

Na biyu ƙura. Ko kana wankewa a kai a kai, ka ware mata kashi 5, saura 0.95. In kuwa ka bar fanel ya yi makonni cikin hunturu ba wanki, asarar ta wuce haka nesa. Sai wayoyi da mahaɗai, mu ba su kashi 3. Sai kwantarola, na'urar da ke tsakanin fanel da batir, idan irin MPPT ce mu ba ta kashi 4. Sai ɗan bambancin da ke tsakanin farantan da kuma tsufa, kashi 3. Idan ka ninka 0.88 da 0.95 da 0.97 da 0.96 da 0.97, za ka samu kusan 0.75. Wato cikin kowane yunit 4 da takarda ta yi alkawari, 3 ne ke isowa. Idan kwantarolarka irin PWM ce, mai arha, ka sauke lambar ƙasa da haka, musamman in ƙarfin fanel ɗin bai dace da na batirin ba.

Ga lissafin gaba ɗaya a layi guda:

```
E = P × PSH × PR
```

E yunit ɗin da za ka samu a rana, P jimillar kilowat na farantanka, PSH awannin cikakkiyar rana, PR kuma abin da ya rage bayan asara, wato 0.75 ɗinmu.

A Agusta: 1.6 × 5.0 × 0.75 = yunit 6.0. A Afrilu, mu ɗauki awa 6.5: 1.6 × 6.5 × 0.75 = yunit 7.8. Ka tuna shi 19.2 ya sa a ransa. Abin da yake samu da damina bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba.

Ƙaramin gargaɗi a nan. A Global Solar Atlas akwai lambar da aka rubuta PVOUT, wato yunit nawa kowane kilowat 1 na fanel zai bayar. Ita an riga an cire mata asara. Idan da ita za ka yi aiki, ka ninka ta da kilowat ɗinka kawai, kada ka sake ninkawa da 0.75, in ba haka ba ka biya haraji sau biyu. Sai dai ba ta san kana da batir ba, kuma ba ta san sau nawa kake wanke fanel ba.

Yanzu mu duba ɗaya ɓangaren, me shagon yake ci? Firiza mai wat 150, injinta yana aiki kamar awa 16 a cikin 24 saboda yawan buɗewa, yunit 2.4. Fanka 2 masu wat 70, awa 10, yunit 1.4. Wayoyi 80 a rana, kowace mu ba ta 0.015, yunit 1.2. Fitilu da talabijin, 0.6. Jimilla yunit 5.6.

Wani zai ce to ai 6.0 ta fi 5.6, ina matsalar? Matsalar ita ce 6.0 ɗin a bakin kwantarola take, ba ta isa soket ba tukuna. Inbata tana cin nata, kusan kashi 10. Don kayan shago su samu 5.6, sai an ba inbata 5.6 ÷ 0.9, wato kusan 6.2. Sannan mu ce rabin wannan wutar da dare ake shan ta, dole ta kwana a batir. Batirin ruwa irin na gargajiya yana mayar maka da kusan kashi 85 ne na abin da ka zuba masa. Don ka ciro 3.1 da dare, sai ka zuba kusan 3.65 da rana. Ka haɗa da 3.1 na rana, buƙatar gaskiya ta zama kusan yunit 6.8.

Yanzu labarin ya fito fili. A Afrilu yana samun 7.8 yana buƙatar 6.8, akwai rara, batir yana cika kullum. A Agusta yana samun 6.0 yana buƙatar 6.8, kullum akwai giɓin 0.8. Batirin ne ke biyan wannan bashin daga ajiyarsa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya wayi gari ba ya cika. Batirin ruwa kuwa in ya daɗe ba ya cika, lalacewa yake yi da gaske. Ka ga wanda aka zarga da laifi shi ne aka zalunta.

Maganin shi ne a juya lissafin tun kafin a sayi kaya:

```
P = E ÷ (PSH × PR)
```

6.8 ÷ (5.0 × 0.75) = kilowat 1.81. Farantai 4 ba su kai ba, 5 ake buƙata. Da guda 5, wato kilowat 2.0, Agusta za ta ba shi yunit 7.5. Fanel ɗaya tak ya raba shi da narkewar ƙanƙara da kashe batir. Amma kafin ya ƙara, ya duba ko kwantarolarsa za ta iya ɗauka, da kuma yadda aka jera farantan, domin ba kowane jeri ne ke karɓar na biyar haka kawai ba.

Wannan lissafin yana da iyaka, kuma ya kamata ku san ta. Awa 5 na Agusta matsakaicin wata ne. A ciki akwai ranar da za a wuni ana ruwa, awannin su sauko 2 ko ƙasa da haka. Lissafin awanni yana gaya maka yawan farantai. Yadda za ka tsallake kwana biyu na hadari a jere kuwa aikin girman batir ne, ko rage kaya a ranar. Haka kuma tauraron ɗan'adam bai san da darbejiyar maƙwabcinka ko tankin ruwan da ke saman gidanku ba. Inuwa a kan ɓangaren fanel ɗaya tana iya jawo duk layin da aka haɗa shi da su ƙasa. Ita ma fuskar fanel tana da tasiri. A Kano ana ɗan karkata shi ya kalli kudu da kusan digiri 12 zuwa 15. Kada a kwantar da shi shimfiɗe, domin karkatar tana taimaka wa ruwan sama ya wanke ƙura.

To in ka riga ka haɗa, yaya za ka gane ko kana samun abin da ya kamata? Yawancin kwantarolar MPPT da inbatocin zamani suna nuna yunit ɗin da aka samu a ranar. Ka riƙa rubutawa kowace magariba na mako biyu, ka raba da kilowat ɗinka. A misalinmu 6.0 ÷ 1.6 ya ba da 3.75. A arewa, in kana ganin tsakanin 3.5 da 5 gwargwadon wata, lafiya kake. In kana ganin 2.5 a rana mai garau, akwai magana.

Yadda lambar ta faɗi shi zai nuna maka mai laifi. In tana raguwa a hankali kwana bayan kwana, ta kuma yi tsalle ranar da ka wanke farantan, ƙura ce. A wanke da sassafe ko da yamma, kada a zuba ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi. In wutar tana faɗuwa a lokaci ɗaya kullum, misali ƙarfe 3, ka hau ka duba, inuwa ce. In kuwa tun ranar farko ba ta taɓa kusantar lissafi ba, ka auna fanel ɗin da tef. Farantan yanzu suna mayar da kusan kashi 20 zuwa 23 na haske wuta, wato wat 200 zuwa 230 a kowane murabba'in mita. Fanel mai wat 400 na gaskiya yana kusa da murabba'in mita 2. In ka ga mai tsawon mita 1.6 da faɗin mita 1 an manna masa wat 500, takardar ce ke da wat 500, shi ba shi da su.

Abu na ƙarshe, don kada ku zargi wanda bai yi laifi ba. In batirinka ya cika da ƙarfe 1 na rana kuma babu kayan da ke jan wuta, kwantarola tana rage abin da take karɓa daga fanel. Lambar ranar za ta fito ƙasa, alhali komai lafiya yake. Saboda haka gwajin gaskiya sai a ranar da batir ya kwana da yunwa kuma kaya suna kunne.

Aikin gida na wannan makon: kowa ya nemo awannin garinsu na watan da ya fi rauni, ya ninka da kilowat ɗin da yake da shi ko yake shirin saya, ya ninka da 0.75. Ku ajiye mana sunan garin da abin da kuka samu a ƙasan wannan rubutun, mu ga tsakanin Sakkwato da Maiduguri da Damagaram wa zai fi. Wanda lissafinsa ya rikice ya rubuto lambobinsa, za mu duba tare.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.